Wa Ke Cinye Datar Gida? Sharhi Kan Karanta Ƙididdigar Rawuta

A gidaje, shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshin da ke amfani da rawuta mai layin waya, ƙorafi biyu ne ba sa ƙarewa. Na farko, an sayi datar wata guda ta ƙare cikin kwana goma. Na biyu, sabis ya cika a fuskar waya amma intanet na tafiyar hawainiya, musamman da yamma. Tun bayan da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ƙorafin ya ƙara zafi, domin kowane gigabait da ya salwanta kuɗi ne mai auki. Wasu na zargin kamfani da sata, wasu na zargin maƙwabta, wasu kuma yara suke ɗora wa laifi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne duk wata data da ta shiga gidan ko ta fita, ta cikin rawutar ta bi, kuma rawutar na ƙirga ta. Wanda ya iya karanta wannan ƙidaya zai bar zato ya koma kan hujja. Sai dai ƙidayar na da iyaka: rawuta na iya nuna na'urar da ke ci, amma sau da yawa ita na'urar ce za ta faɗi manhajar da ke ci a cikinta.

Ma'anar kalmomi

Rawuta ita ce akwatin da ke karɓo intanet daga kamfani, ta layin waya ko ta igiya, ya rarraba wa wayoyi, kwamfutoci da talabijin ta waifai, wato haɗin da ba ya buƙatar igiya. Tana da fuska biyu. Fuskar da ke kallon kamfani ana rubuta ta `WAN`, wadda ke kallon cikin gida kuma `LAN`. Abin da ya bi ta `WAN` kaɗai ake cirewa daga kuɗin data.

Akwai ma'auni biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma daga nan rabin ruɗanin yake fitowa. Na farko shi ne faɗin hanya, abin da shafin rawuta ke kira `Bandwidth`, wato yawan datar da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da megabit a daƙiƙa, a rubuce `Mbps`. Na biyu shi ne jimillar datar da aka sha, wadda ake aunawa da megabait da gigabait, `MB` da `GB`. Kamar famfo ne da duro: na farko faɗin bututu ne, na biyu kuma yawan ruwan da ya taru a duro. Ƙaramin yoyo da bai taɓa cika bututu ba na iya cika duro idan ya kwana yana zuba.

Bait ɗaya daidai yake da bit 8. Saboda haka na'urar da ke jan 1 Mbps ba tsayawa tana shan 450 MB a awa, 10.8 GB a kwana, 324 GB a kwana talatin. Wannan lissafi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Sannan kowace hanya tana da hannu biyu: saukewa, wato abin da ke shigowa daga intanet, da ɗorawa, wato abin da na'ura ke turawa waje. Kamfanonin waya suna cajin duka biyun, kodayake yawancin mutane saukewa kaɗai suke tunawa.

Asalin matsalar

An ƙera wayoyi da kwamfutoci ne bisa zaton cewa datar layin waya tana da tsada, waifai kuwa ba shi da iyaka. A ƙasashen da intanet ɗin gida ke zuwa ta igiya da kuɗin wata tsayayye, wannan zato daidai ne. A wurarenmu kuwa, inda waifai ɗin gida sau da yawa layin waya ne aka saka cikin akwati, zaton ya zama tarko. Waya na tara manyan ayyukanta tana jira, da zarar ta ga waifai sai ta sake su: Play Store ya sabunta manhajoji, Google Photos ko iCloud su kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka tura a zauruka, Windows ya jawo sabuntawarsa mai nauyin gigabait. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke neman izini a lokacin, kuma babu wanda ake gani a fuskar waya. Shi ya sa kowa a gidan ke iya rantsewa cewa bai kalli komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Ra'ayoyin da ake ta muhawara a kansu

Ra'ayi na farko shi ne kamfani ne ke zaftare data. Masu wannan ra'ayi na kafa hujja da cewa lissafin wayarsu bai taɓa yin daidai da na kamfani ba. Akwai ƙamshin gaskiya a lura ɗin, amma ƙaramin bambanci yana da dalilai na fasaha. Wasu na'urori na ɗaukar gigabait a matsayin bait biliyan ɗaya cif, wasu kuma na lissafi da 1024, kuma wannan kaɗai na haifar da tazarar kusan kashi 7 cikin ɗari. Akwai kuma bayanan adireshi da ke manne da kowane ƙunshin data, da ƙunshin da aka sake aikowa saboda raunin sabis. Bambanci na 'yan kashi kaɗan ba hujjar sata ba ne. Bambancin da ya kai kashi ɗaya bisa uku ko rabi kuwa abin bincike ne, kuma ƙidayar rawuta ce kaɗai shaidar da mai gida zai riƙe.

Ra'ayi na biyu shi ne maƙwabta ne suka sami kalmar sirri. Wannan na faruwa, musamman da yake wayoyin Android tun daga na 10 suna iya nuna lambar hoto da wani zai ɗauka da kyamararsa ya shiga waifai ba tare da an faɗa masa kalmar ba. Amma sunan da ba a gane ba a jerin na'urori ba lallai baƙo ba ne, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ra'ayi na uku na cewa maganin kawai a sayi babban tsari. Idan gidan na buƙatar datar da gaske, wannan daidai ne. Idan kuwa wata na'ura ce ke zubar da ita ba amfani, ƙarin data ƙarin asara ne. Babu yadda za a raba gardama tsakanin ra'ayoyin uku sai da awo.

Shiga rawuta da gane na'urori

Ana shiga shafin rawuta ta burauza, daga wayar ko kwamfutar da ke haɗe da ita. Adireshin yana rubuce a ƙasan akwatin ko a bayan murfin batir. Mafi yawa `192.168.0.1` ne ko `192.168.1.1`, na Huawei kuma galibi `192.168.8.1`. A kwamfutar Windows ana iya gano shi da wannan umarni, a duba layin `Default Gateway`:

```
ipconfig
```

Kalmar sirrin shiga shafin daban take da ta waifai, kodayake wasu akwatunan na zuwa da kalma ɗaya ga duka biyun. Bayan shiga, wuri biyu ake nema. Na farko jerin na'urori ne, mai suna kamar `Connected Devices`, `Client List` ko `DHCP Clients`. Na biyu shafin ƙididdiga ne, wanda kan zo da suna `Statistics`, `Traffic Statistics`, `Traffic Monitor` ko `Data Usage`.

Kowace na'ura a jerin tana da alama uku: suna, adireshin `IP` da rawuta ta ara mata, da lambar `MAC` mai haruffa da lambobi 12. Sunan ba abin dogaro ba ne, domin wasu na'urori na zuwa da `Unknown` ko da wasu lambobi marasa ma'ana. Adireshin `IP` kuma aro ne, yana iya canjawa gobe, ta yadda ƙidayar wayar wani za ta koma kan wani idan rawutar da adireshi take lissafi. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗauki na'urorin gidan ɗaya bayan ɗaya, a duba lambar `MAC` a saitin waifai na kowace, a dace ta da jerin, a sa mata suna, sannan a ɗaure mata adireshi ɗaya ta `Address Reservation` idan rawutar na da shi.

A nan ne ake yawan zargin maƙwabta bisa kuskure. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙirar lambar `MAC` ta wucin gadi ga kowane waifai domin kare sirrin mai su. Ana gane irin wannan lamba idan harafinta na biyu `2`, `6`, `A` ko `E` ne. Waya ɗaya na iya bayyana sau biyu idan ta shiga waifai mai suna biyu a rawuta ɗaya, ko kuma idan lambar tata ta sauya. Baƙo na gaskiya shi ne wanda ya rage yana jan data bayan an kashe waifai a duk na'urorin gidan.

Yadda ake karanta lambobin

Shafin ƙididdiga yakan nuna abu biyu: gudun da ake yi yanzu da jimillar da ta taru. Idan ƙorafin jinkiri ne, gudun yanzu ake kallo, kuma a daidai lokacin da jinkirin ke faruwa. Idan ƙorafin ƙarewar data ne, jimilla ake kallo, kuma karatu ɗaya ba ya isa. Sai an rubuta lambar da lokacin, a dawo bayan wasu awanni a sake rubutawa, a cire ta farko daga ta biyu. Daga nan ana mayar da bambancin zuwa matsakaicin gudu:

```
Mbps = (MB × 8) ÷ daƙiƙoƙi
```

Akwai tarkuna huɗu da ke ɓatar da mai karatu. Na farko, kalmomin `Rx` da `Tx`, wato abin da aka karɓa da abin da aka aika. Ma'anarsu ta danganta da inda aka tsaya. A fuskar `WAN`, abin da rawuta ta karɓa shi ne saukewa. A jerin na'urori kuwa, wasu rawutoci na lissafi daga nasu ɓangaren, ta yadda abin da suka aika wa waya shi ne saukewar wayar. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a kunna bidiyo a waya ɗaya, a ga wane gefe ke hawa da sauri, wannan shi ne saukewa.

Na biyu, lambar da ke gefen sunan na'ura kamar `72 Mbps` ko `433 Mbps` mai taken `Link Rate`. Wannan ƙarfin haɗin waifai ne tsakanin na'urar da akwatin, ba abin da take sha ba. Wayar da ke kusa da rawuta za ta nuna babbar lamba ko da ba ta jan komai.

Na uku, zirga-zirgar cikin gida. Idan aka tura fim ɗin da ke ajiye a kwamfuta zuwa talabijin ta waifai, ƙidayar na'urorin na iya hawa da gigabait da yawa alhali ko bait ɗaya bai fita ta `WAN` ba. Don haka kullum a gwada jimillar na'urori da jimillar `WAN`.

Na huɗu, ɗauke wuta. Rawutoci da yawa na riƙe ƙidayar kowace na'ura a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar sun mutu, sai su fara daga sifili. Kafin a amince da karatu na biyu, a duba `Uptime` ko `Connection Duration`. Idan tsawon lokacin da ya nuna bai kai tazarar karatun biyu ba, akwatin ya mutu a tsakani, lissafin ya ɓaci. Inda wuta ba ta tsayawa, gajerun awo na awa biyu ko uku sun fi dogo amfani.

Misali dalla-dalla

A ɗauka akwai wani gida mai sola, da rawutar 4G da tsarin 100 GB a wata, amma datar na ƙarewa cikin kwana 10. Wato gidan na shan kusan 10 GB a rana, alhali kasonsa bai wuce 3.3 GB ba. Na'urorin da aka ƙirga su ne wayoyi biyar, kwamfuta ɗaya, talabijin mai intanet, da wata na'ura mai suna `Unknown`.

Awon farko na dare ne, domin lokacin da kowa ke barci ne ake ganin abin da na'urori ke yi da kansu. Da ƙarfe 10 na dare shafin `WAN` ya nuna saukewa 31.20 GB da ɗorawa 22.10 GB. Da ƙarfe 6 na safe ya nuna 31.35 GB da 23.54 GB. An sauke 150 MB, an ɗora 1,440 MB. Tun kafin a kalli jerin na'urori, lambobin sun faɗi abu mai muhimmanci: a gidan da ake kallo da hira, saukewa kan ninka ɗorawa sau da yawa, amma a nan ɗorawa ce ta rinjaya. Awa 8 daƙiƙa 28,800 ce, don haka 1,440 sau 8 a raba da 28,800 ya ba da 0.4 Mbps. Gudu ne ƙarami da ba wanda zai ji nauyinsa, amma a kwana ɗaya ya kai 4.3 GB, a wata kuma ya haura 129 GB, fiye da tsarin gaba ɗaya.

Awon kwana guda a jerin na'urori ya cike hoton. Na'urar `Unknown` ta sha 4.4 GB, kusan duka ɗorawa. Talabijin ya sha 3.6 GB, kwamfuta 0.9 GB, wayoyi biyar a haɗe 1.3 GB. Jimilla 10.2 GB, kuma ta yi kusa da abin da kamfani ya cire a ranar, wanda a Nijeriya ake dubawa da `*323#`. Wannan ya wanke kamfanin, ya kuma wanke yaran gidan. Ɗorawa mai gudu ɗaya dare da rana sawun kyamarar tsaro ce da ke tura hoto zuwa ma'ajiyar intanet. Da aka zare filogin kyamarar ƙofar gida, na'urar ta ɓace daga jerin, ɗorawar ta faɗi kusan sifili. An tabbatar da mai laifi ta hanyar cire shi a ga canji, ba ta hasashe ba.

Shi kuma talabijin, awa biyu kacal aka kalli YouTube a ranar. 1.8 GB a awa na nufin 4 Mbps, wanda ya dace da bidiyo mai ingancin `1080p`. YouTube da kansa na ba da shawarar kimanin 5 Mbps ga `1080p` da 1.1 Mbps ga `480p`. Idan aka saukar da ingancin zuwa `480p`, awa biyun za su dawo kusan 1 GB. Idan kyamarar ta koma ajiye hoto a katin da ke cikinta, tana turawa ne kawai idan ta ga motsi, a ce ta dawo 0.3 GB. Idan aka sa wa kwamfutar `Metered connection` ta rage jan sabuntawa ta dawo 0.5 GB, jimillar rana ta zama 3.1 GB, wato 93 GB a wata.

Idan matsalar jinkiri ce

A ɗauka a gidan nan, wata ranar Lahadi da yamma, kiran bidiyo ya riƙa yankewa, shafuka kuma suna daɗewa ba su buɗe ba. Shafin gudun yanzu ya nuna saukewa ba ta kai 1 Mbps ba, amma waya ɗaya na ɗora 5 Mbps a tsaye, kuma iyakar abin da layin ke iya turawa ke nan. Mutane kan yi mamakin yadda ɗorawa ke hana saukewa. Dalilin shi ne kowace saukewa na buƙatar ƙananan saƙonnin amsa da ke fita waje, haka ma buƙatar buɗe shafi da muryar mai kira. Idan hannun fita ya cika, waɗannan ƙananan saƙonni sai su shiga dogon layi a bayan manyan ƙunshin bidiyo, komai ya yi sanyi.

Ana tabbatar da haka da umarni ɗaya a Windows:

```
ping -t 8.8.8.8
```

Idan lokacin amsa ya tashi daga gomomin `ms` zuwa ɗaruruwa ko sama da dubu yayin da wayar ke ɗorawa, ya kuma sauko da zarar an kashe waifai ɗinta, an kama dalili. Bidiyon biki na rabin awa na iya kaiwa 3 GB a wayoyi da yawa, kuma a gudun 5 Mbps zai riƙe layin minti 80. Idan kuwa babu na'urar da ke jan komai amma jinkirin na nan, matsalar ba a gidan take ba. Ko dai sabis ne mai rauni, ko cunkoso a turken kamfani a lokacin da kowa ke kan layi, ko kuma tsarin da aka saya ya kai iyakar da ake rage gudu.

Daga na'ura zuwa manhaja

Rawuta ta nuna wayar, amma ba ta faɗi manhajar ba, kuma wannan ba naƙasar akwatin ba ce. Kusan duk zirga-zirgar intanet a yau a kulle take, kuma mafi yawanta ta ƙofa ɗaya take bi, mai lamba 443. Abin da rawuta ke iya gani shi ne adireshin da aka nufa, da sunan uwar garken a lokuta da yawa, da yawan datar. Rawutoci masu ƙarfi na amfani da waɗannan alamu su yi ƙiyasi. Asus na da `Traffic Analyzer`, MikroTik na da `Torch` mai nuna haɗin da ke gudana kai tsaye, masu OpenWrt kuma na girka `nlbwmon`. Wasu sunaye na bayyana kansu: `googlevideo.com` na YouTube ne, `fbcdn.net` na Facebook da Instagram, `nflxvideo.net` na Netflix. Amma manhajoji da yawa na haya a uwar garke ɗaya, kuma idan waya na amfani da `VPN`, rawuta ba ta ganin komai sai hanya ɗaya mai kauri zuwa adireshi ɗaya.

Saboda haka matakin ƙarshe a kan na'urar ake yin sa. Wayoyin Android na da jerin manhajoji da abin da kowace ta sha ta waifai. A Samsung yana ƙarƙashin `Connections`, sai `Data usage`, sai `Wi-Fi data usage`. Windows na da shafin `Data usage` a saitin `Network & internet`, mai nuna kwana 30 da suka wuce, kuma umarnin `resmon` na nuna manhajar da ke ja a wannan daƙiƙa. iPhone kuwa lissafin manhajoji na datar layi kaɗai yake nunawa, don haka a waifai sai a bi ta hanyar dakatar da abin da ake zargi, kamar hotunan iCloud, ana kallon gudun a rawuta. Maganin da ya fi ɗorewa shi ne a sanar da kowace na'ura cewa wannan waifai na awo ne: `Treat as metered` a Android, `Low Data Mode` a iPhone, `Metered connection` a Windows.

Iyakar ƙididdigar

Ƙananan akwatunan aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa sau da yawa jimilla kaɗai suke nunawa da jerin na'urori, ba tare da kason kowace ba. Ko a nan ana iya aiki: a cire na'urori duka, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintuna, ana kallon gudun `WAN`. Idan an saka rawuta ta biyu don sabis ya kai wani sashen gida, duk na'urorin da ke bayanta na iya bayyana a matsayin na'ura ɗaya mai cin data da yawa. Haka kuma wasu rawutoci na da hanyar gaggawa da ke wuce da data ba tare da an ƙirga ta ba. A wasu samfuran TP-Link, kunna `NAT Boost` na kashe `Traffic Statistics`, a OpenWrt kuma `Flow offloading` na sa ƙidayar na'urori ta gaza. Alamar hakan ita ce jimillar na'urori ta yi ƙasa ƙwarai da ta `WAN`.

Abin da zai biyo baya

Sanin mai ci na buɗe ƙofar matakai: rage ingancin bidiyo, sa wa na'ura iyakar gudu ta `Bandwidth Control` ko `QoS`, ware wa baƙi waifai nasu, da sauya kalmar sirri idan an tabbatar da baƙo. Toshe lambar `MAC` kaɗai ba ya hana mai kalmar sirri dawowa, tunda waya na iya sauya lambar. Akwai kuma batun amana. Shafin da ke nuna yawan data na iya nuna wuraren da mutum ya ziyarta. Wasu na ganin mai biyan kuɗi na da haƙƙin ganin komai, wasu na ganin bin diddigin manya a gida ko ma'aikata a ofis shiga sirri ne. Matsaya mafi adalci ita ce a sanar da kowa cewa ana awo, a kuma tsaya kan yawan data, domin shi ne abin da ake buƙata don magance matsalar.

Idan an yi awon yadda ya kamata, akwatin bai mutu a tsakani ba, jimillar na'urori ta dace da ta `WAN`, amma abin da kamfani ya cire ya zarce ta nesa ba kusa ba, to ƙorafin ya sami tushe. A ɗauki hoton shafin ƙididdiga da na ragowar data a farko da ƙarshen awon, da kwanan wata da lokaci, a fara kai wa kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a warware ba, a Nijeriya ana kiran NCC kyauta ta 622. Ƙorafin da ya zo da karatu biyu da lissafinsu ya fi wuyar turewa fiye da cewa kawai data ba ta daɗewa.